Me ya sa ƙasar da na haɗa a gem ba ta kama da ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum yaya. Ina haɗa gem a Unity a nan Gusau, ina son fili irin namu, da dutse kamar na Kwatarkwashi. Faɗinsa mita 2048, tsayi mita 300, `Heightmap Resolution` 1025. Na jera `Mathf.PerlinNoise` hawa 8, sai ko'ina ya yamutse kamar takardar da aka duƙunƙune. Na sa zaizayar ɗigon ruwa, sai ƙarce-ƙarce da ramuka. Wajen launi kuma ciyawa ta hau har gefen dutse, launukan sun fito layi-layi. Ina na kuskure?

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu uku ka kawo, amma da na duba lambobinka sai na ga tushensu ɗaya ne: kana aiki da tsayi tsakanin 0 da 1, ba ka mayar da shi mita ba. Ƙasa kuwa ba ta san 0 da 1 ba, gangara ta sani, wato mita nawa aka sauka cikin mita nawa na tafiya. Da siffar tudu, da inda ruwa ke ci, da inda ciyawa ke iya riƙewa, duk gangara ce ke yanke hukunci. Don haka kafin komai ka riƙe lamba ɗaya a kai. Layinka yana da ɗigo 1025, tsakaninsu akwai tazara 1024, ka raba mita 2048 a kai, kowane gurbi ya zama mita 2. Zan riƙa kiransu gurbi, kamar na dara, kuma kusan duk lissafin da ke tafe da wannan mita 2 za mu yi shi.

Mu fara da yamutsewar. Noyis ɗin da Ken Perlin ya fito da shi a farkon shekarun 1980 tudu da kwari ne masu santsi, girmansu kusan ɗaya. Idan ka jera hawa-hawa, kowane hawa kana rage faɗin tudunsa da rabi, kana kuma rage tsayinsa da rabi, domin haka kowa ke koya da farko: `lacunarity` 2, `gain` 0.5. To yi lissafi. Hawa na farko, a ce tsayi mita 150 a faɗin mita 1024. Na biyu mita 75 a faɗin 512. Ka bi su har na takwas, za ka tarar da mita 1.17 a faɗin mita 8. Raba tsayin da faɗin a kowanne, amsa ɗaya za ka samu, wajen 0.146. Ma'ana hawa na takwas, duk ƙanƙantarsa, gangarar da yake ƙarawa daidai take da ta babban hawa. Ka tara gangara iri ɗaya sau takwas a kowane taku na filin, ina za a sami wuri mai laushi? Ga takardar da aka duƙunƙune nan.

Sauke `gain` zuwa 0.4 ka gani. Yanzu kowane hawa gangararsa kashi 80 cikin 100 ce ta wanda ya gabace shi, kuma na takwas ya koma kwata na mita maimakon mita ɗaya da ɗoriya. Kada kuma ka ƙara hawa na tara da na goma da sunan ƙarin kyau. Tudu ba ya zanuwa da ƙasa da gurbi biyu, wato mita 4, kuma ko a nan ɗin tsini-tsini yake fitowa. Mita 8, gurbi huɗu, nan ne iyakar da nake tsayawa.

```csharp
float Fbm(float xm, float zm, float L, int n, float gain) {
    float s = 0, a = 1;
    for (int i = 0; i < n; i++) {
        s += a * (Mathf.PerlinNoise(xm / L + 17.3f * i, zm / L + 9.1f * i) - 0.5f);
        L *= 0.5f; a *= gain;
    }
    return s;
}
```

Ka lura `xm`, `zm` da `L` duk da mita suke shiga. Wannan 17.3 da 9.1 kuwa don a gusa kowane hawa ne, kada su haɗu a kan kusurwa ɗaya su fito da zanen murabba'i.

Amma ko ka gyara wannan, ba ƙasarmu za ka samu ba, tsaunukan wani wuri za ka samu. Tuna abin da kake gani idan ka fito Gusau ka nufi Tsafe. Fili ne shimfiɗaɗɗe, gonaki, ɗan hawa da ɗan sauka da mota ba ta ma ji, sai kwatsam dutse ya miƙe kamar an kifa ƙwarya. Babu wani a hankali a hankali tsakanin gona da dutsen, gindinsa yanke yake. Noyis ɗaya ba ya ba da wannan, domin shi ko'ina hali ɗaya gare shi. Abu biyu za ka gina daban, sannan ka haɗa.

Na farko filin: `Fbm` da `L` 1024, `gain` 0.4, ka ninka da mita 25 kacal. Ka kuma karkata filin gaba ɗaya, gefe ɗaya ya fi ɗayan da mita 20, wato kusan mita 1 a kowace mita 100. Wannan karkatar kamar ba komai ba ce, amma ita za ta nuna wa ruwa mafita nan gaba, kamar yadda ƙoramun kewayen Gusau ke gangarawa gulbin Sakkwato. Na biyu dutsen: wani noyis daban, hawa biyu ko uku kawai, `L` wajen 700. Ka fitar da ƙimarsa mafi girma a filin, ka zaɓi iyaka ta yadda kashi ɗaya cikin goma na filin ne kaɗai zai haura ta. Duk abin da ke ƙasa da iyakar sifili ne, abin da ya haura kuma ya tashi a hankali zuwa 1 a ƙololuwa. Mu kira wannan lamba `m`. Tsayin dutsen shi ne `220 * Mathf.Pow(m, 0.6f)`. Wannan 0.6 ɗin shi ke buɗa kafaɗun dutsen ya kuma yanke gindinsa, in ba shi ba sai ya fito kamar malfa. Ka ajiye `m` a wani jeri, kada ka yar, domin ita ce taswirar tauri, kuma za mu sake nemanta nan gaba.

A nan akwai tarkon da ya ci mini kwana biyu lokacin da na fara. `Mathf.SmoothStep(a, b, t)` na Unity ba ɗaya yake da `smoothstep` na sheda, wato `shader`, ba. Na sheda kana ba shi iyaka biyu da ƙima, ya mayar maka da 0 zuwa 1. Na Unity kuwa amsarsa tsakanin `a` da `b` take. Na kwafo kod daga sheda kai tsaye, dutsena ya rufe filin kaf, ina ta zargin noyis. Ka rubuta naka sau ɗaya ka huta:

```csharp
float S(float a, float b, float x) =>
    Mathf.SmoothStep(0, 1, Mathf.InverseLerp(a, b, x));
```

Yanzu zaizaya, inda ya kamata mu daɗe. Yadda ɗigon ke aiki ka sani: ana jefa shi a wani wuri, ya duba gangara, ya yi taku ɗaya mai tsawon gurbi ɗaya, in yana da gudu da ruwa ya ɗebi ƙasa, in ya rage gudu ya sauke. Yawancin kod ɗin da ke yawo suna kashe ɗigon bayan taku wajen 30. A gurbinka na mita 2, taku 30 mita 60 ne. Filinka kilomita biyu ne. Ɗigon da ke mutuwa bayan mita 60 ba zai taɓa haɗuwa da 'yan'uwansa su zama ƙorama ba, balle ƙoramu su zama rafi. Abin da zai bari shi ne gajeren ƙarce, kamar kaza ta yi tono. Kwari na gaske haɗuwar ruwa ce ke haƙa shi. Ka duba bayan ruwan Agusta a gefen hanya: siraran layuka daga gona suna shiga junansu, sai can ƙasa ka tarar da kwazazzabon da zai haɗiye mutum. Ƙarfin yana wurin taruwa.

Za ka ce to a ƙara takun zuwa 300. Ana iyawa, amma injinka zai ji jiki, kuma ɗigo ɗaya siriri ne, faɗin abin da yake ci 'yan gurabe ne, don haka dogayen ƙarce za ka samu maimakon gajeru. Abin da nake yi shi ne in fara da ƙaramar taswira. Gina filin a 257, inda gurbi ya zama mita 8, da manyan hawa shida kawai. Nan taku 64 ya kai mita 512, kwata na filin, kuma faɗin cin gurbi 3 ya zama mita 24, faɗin ƙaramin kwari ke nan. Gurabe 66,049 ne kawai, ka jefa ɗigo 200,000, wajen uku a kowane gurbi, ba zai daɗe ba. A nan manyan hanyoyin ruwa suke fitowa. Sai ka faɗaɗa taswirar zuwa 513, ka ƙara hawa na bakwai, ka sake zaizaya da sauƙi, sannan 1025 da hawa na takwas. A zagaye na ƙarshe taku 30 ya isa, domin ɗigon ya riga ya tarar da hanya a haƙe, aikinsa kawai ya zana ƙananan rassa. Wajen faɗaɗawa ka yi amfani da `bicubic`, domin `bilinear` yana barin lanƙwasa a kan layukan tsohuwar taswira, kuma ruwa zai gano su ya bi, sai ka ga ƙoramu a miƙe kamar an sa rula.

Wani abu kuma: kafin ka ba wa zaizaya taswirar, raba tsayin mita da faɗin gurbi. Ta haka bambancin tsayi tsakanin maƙwabta biyu ya zama gangara ta gaske, kuma lambobin da ka daidaita a 257 ba za su watse ba in ka koma 1025. Idan ka bar tsayin a 0 zuwa 1, duk lokacin da ka ninka yawan gurabe sai bambancin ya ragu da rabi, ɗigon ya zama rago, kai kuma ka yi ta juya lambobi ba ka san dalili ba.

Ramukan kuwa dalili biyu na sani. Ko dai ɗigon yana ɗiban ƙasa fiye da saukar da ya yi a wannan takun, ko yana ɗiba daga gurbi ɗaya tak. In ya sauka santimita 20 ya ɗebi santimita 50, ya haƙa rami a bayansa, ɗigo na gaba ya faɗa ramin da gudu ya ƙara zurfafa shi, a haka har ya zama rijiya, a gefenta kuma tsini. Layi ɗaya ke tsayar da shi:

```csharp
float ci = Mathf.Min((capacity - sediment) * erodeRate, -dh) * (1 - 0.95f * m);
```

`dh` shi ne bambancin tsayi a takun, yana ƙasa da sifili in ana sauka. Abin da aka ci kuma a raba shi kan guraben da ke kewaye, na tsakiya ya fi ɗauka. Idan kana so ka tabbatar, ka riƙa fitar da ƙimar tsayi mafi ƙanƙanta bayan kowane ɗigo 10,000. Lafiyayyar zaizaya ba ta sa ta yi ta faɗuwa ba iyaka, in ka ga tana nitsewa to rijiya ake haƙawa wani wuri.

Ka ga `m` ta dawo a ƙarshen layin. Dutsen Kwatarkwashi falale ne mai tauri, ruwa zamewa yake yi a kansa, ba ya tsaga shi kwari-kwari kamar ƙasa. In ka bar ɗigo ya ci dutse kamar yadda yake cin fili, ƙwaryarka za ta koma tsauni mai haƙarƙari irin na hotunan ƙasashen sanyi. Da taswirar tauri, ɗigon zai gangaro da gudu ba tare da ya ɗauki kaya ba, ya iso gindin dutse da ƙarfinsa, ya ci ƙasar da ke wurin. Haka kake gani a zahiri: zaizaya a gindin dutse take farawa.

Akwai zaizaya ta biyu, ta ruftawa, mai sauƙi. Busasshen yashi ba ya tsayawa a gangarar da ta wuce wajen digiri 34, ka duba tarin da tipa ta juye. A gurbin mita 2 wannan bambancin mita 1.35 ne tsakanin maƙwabta, na kusurwa kuma mita 1.9 domin sun fi nisa. Duk inda aka wuce haka, sai a zubar da ɗan abin da ya yi yawa zuwa ƙasa. Zagaye goma ko ashirin a ƙarshe suna gyara bakin kwazazzabo. Amma a ƙasa kawai, inda `m` take sifili ko kusa. Ka sa shi a dutse, Kwatarkwashinka ya zama tarin yashin tipa.

Yayin da ɗigo ke gudu, ka riƙa ƙirga abu biyu a kowane gurbi: sau nawa ruwa ya bi ta nan, da yawan ƙasar da aka sauke. Kyauta suke zuwa, kuma rabin aikin launi su ne.

To ga ciyawar da ta hau dutse. Ban ga kod ɗinka ba, amma ina da yaƙinin haka ya faru. A ce maƙwabcin hagu 0.40 ne, na dama 0.41. Ka ɗebe, ka raba biyu, ka sami 0.005, wanda bai kai sulusin digiri ba. Sai kod ya ce wurin shimfiɗe yake, a zuba ciyawa. Da mita kuwa, 0.01 sau 300 mita 3 ne, tazarar hagu zuwa dama mita 4, gangara 0.75, wato kusan digiri 37. Wurin da sai da hannu ake hawa, kod ɗinka yana ganinsa kamar filin Idi.

```csharp
float gx = (h[z, x+1] - h[z, x-1]) * 300f / 4f;
float gz = (h[z+1, x] - h[z-1, x]) * 300f / 4f;
float deg = Mathf.Atan(Mathf.Sqrt(gx*gx + gz*gz)) * Mathf.Rad2Deg;
```

Unity na da `GetSteepness` wanda ke ba da digiri kai tsaye, ka gwada shi da naka a wurare uku ko huɗu, in sun yi kusa to ka dace. Ka kuma lura jerin `SetHeights` da `SetAlphamaps` layi ne farko sannan shafi, wato `[z, x]`. In ka juya su a ɗaya ba ka juya a ɗayan ba, launin dutse zai sauka a gona, a ɗaya gefen filin kamar a madubi. Kafin ka sa kowane launi mai kyau, ka shafa gangarar kanta a filin, baƙi zuwa fari. In gefen dutse bai yi fari ba, kada ka ci gaba.

Layi-layin kuma daga dogaro da tsayi ne. Waɗanda ke rubuta darussan nan ƙasarsu suke zanawa, inda yashi ke bakin teku, ciyawa a tsakiya, ƙanƙara a sama, kuma a can tsayi yana da ma'ana. A wurinmu mita 300 ba ta canza komai a yanayi. Manomi ba ya raba ƙasa da tsayinta daga teku, yana raba ta da kusancinta da ruwa: fadama mai baƙar laka, jigawa mai yashi, fako da marmara a inda ruwa ya wanke saman. Don haka ni tsarina gangara ce farko, ruwa na biyu, tsayi na ƙarshe.

Dutse ya fara ɗaukar rabonsa: `S(28, 40, deg)`, ko `m` in ta fi, domin saman ƙwaryar a kwance yake amma ai dutse ne. Abin da ya rage, yashi ya ɗauka inda ruwa ya bi da yawa kuma aka sauke kaya, cikin rafi ke nan. Ƙirgar ruwan ka ɗauki `log` ɗinta tukuna, domin babban rafi na iya samun dubbai alhali ƙaramar ƙorama goma take da shi, in ba haka ba sai babban kaɗai ya bayyana. Jar ƙasa ta ɗauki gangarar digiri 10 zuwa 25 da duk inda zaizaya ta ci ba ta sauke ba. Sauran ciyawa. Tsayi yana shigowa ne ta wata hanya: ka dusashe taswirar tsayi da faɗin wajen mita 100, ka ɗebe ta daga ta asali. Inda amsar ta yi ƙasa da sifili da mita 2 ko 3, wurin ya fi kewayensa zurfi, nan ne fadama, sai ciyawar ta yi duhu. Wannan ba ya fitar da layi, domin yana bin siffar kwari ne. In kuma dole sai ka sa iyakar tsayi, ka ƙara mata noyis na mita 5 ko 6 don bakin ya karkace.

Tunda kowane launi daga ragowar na gabansa yake ɗauka, jimillarsu za ta zama 1, wanda `SetAlphamaps` ke bukata. In ta gaza filin ya yi duhu-duhu, in ta wuce ya yi ƙyalli. Ka tsaya a launi huɗu in waya kake nufi, domin huɗu-huɗu ake cusa su a hoto ɗaya, na biyar sabon kaya ne. Duhun fadama a rina shi a kan ciyawar maimakon a ba shi launi na kansa.

Saura abu ɗaya da za ka ci karo da shi da zarar dutsen ya sami launinsa. Hoton launi daga sama ake shimfiɗa shi, kamar an yafa zane. A gangarar digiri 60 fuskar dutse ta ninka inuwarta a ƙasa sau biyu, a digiri 75 kusan sau huɗu, don haka hoton zai jawu kamar ɗanko. Dutsenmu in ya tashi mita 200 cikin mita 120 ya kai digiri 59, yana bakin matsalar ke nan. Maganin shi ne `triplanar`, a haska hoton daga fuska uku a gauraya, amma karatu uku ne a madadin ɗaya, don haka a launin dutse kaɗai za ka sa shi. Ɗan jawuwar da ta rage ma ba asara ba ce. Gefen irin waɗannan duwatsu yana da baƙaƙen zane daga sama zuwa ƙasa, inda ruwan damina ke bi shekara da shekaru. Ka ɗauko ƙirgar ruwanka ta zagayen 1025, ka ninka da `m`, ka rage hasken dutse da kashi 30 ko 40 cikin 100 a inda ta yi yawa, za ka ga zanen ya fito daidai inda ɗigon ya gangaro.

In za ka fitar da taswirar zuwa fayil ka dawo da ita, ka yi da RAW mai bit 16. Hoto mai bit 8 matakai 256 kawai gare shi, a tsayin mita 300 kowane mataki ya haura mita ɗaya, filinka da ke sauka mita 1 a cikin 100 zai koma matakalar bene, kuma lissafin gangara zai riƙa ba ka sifili, sifili, sai tsalle. Ka gyara lissafin gangarar tukuna, ka turo mini hoton baƙi da farin nan tare da na ƙirgar ruwa a 257, daga su zan gane ko ƙoramunka sun fara haɗuwa.